Jabun caja da fawa bank: abin da sikeli ke tonawa, da abin da sai an leƙa ciki

Wanda ya je sayen fawa bank a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, abu na farko da yakan yi shi ne ya ɗora shi a tafin hannu ya jijjiga, ya ji ko da nauyi. In ya ji nauyi sai hankalinsa ya kwanta, mai shago kuma ya ƙara masa da cewa, "Ka ji ai, Alhaji, wannan orijina ne." Dabarar tana da tushe, domin batirin litiyam na gaske ba ya rasa nauyi. Matsalar ita ce masu haɗa jabu sun san da wannan dabara tun kafin mai saye ya koye ta, kuma sun yi mata tanadi. Saboda haka nauyi yana iya kama ƙarya, amma ba ya iya tabbatar da gaskiya. Wanda bai bambance waɗannan biyun ba zai riƙa sayen yashi da kuɗin batir, wani lokacin ma ya kwana da abin da zai iya kama wuta a gefen katifarsa.

Bari mu fara da lissafin, don shi ne ƙashin bayan maganar. Da yawa daga cikin manyan fawa bank, da fitilun caji, da fankokin caji da ake yayi lokacin zafi, suna amfani da ƙwayar batir mai siffar gwangwani da ake kira 18650. Kaurinta milimita 18 ne, tsawonta milimita 65. Manyan kamfanonin da suka ƙware wajen yin ta, irin su Panasonic da Samsung da LG, mafi ƙarfin da suka saba fitarwa kasuwa yana ɗaukar kusan 3,500mAh, mAh kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa, nauyinsa kuma tsakanin giram 45 zuwa 50. Wannan iyaka ce ta sinadaran da ke ciki: gwangwanin ba ya iya cin fiye da abin da zai ci. To in ka ga ƙwaya mai wannan girman an rubuta mata 9,900mAh, ba sai ka gwada ta ba, rubutun kansa ya isa shaida. Irin waɗannan in an ɗora su a sikeli sukan tsaya wajen giram 25 zuwa 35, wutar da ke cikinsu kuma sau da yawa ba ta kai 1,000mAh ba.

Daga nan ake samun ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Kowane 1,000mAh yana buƙatar kusan giram 14 na tsurar batir, ban da kwanso da wayoyi da fanel, wato ɗan allon da ke sarrafa wuta. Sababbin batura masu faɗi da ake sa wa siraran fawa bank sun ɗan fi haka sauƙi, don haka a sassauta a ce giram 12, ƙasa da haka kuwa babu.

A ɗauka an kawo maka wani an rubuta masa 30,000mAh, ka ɗora shi a ƙaramin sikelin da masu yin kek ke auna fulawa da shi, ya nuna giram 260. Kafin a samu 30,000mAh na gaske sai an haɗa ƙwaya tara mafi ƙarfi, nauyinsu kaɗai ya haura giram 400, in an ƙara kwanso da sauran kaya ya wuce rabin kilo. Wannan na hannunka kuwa, in ka cire giram 60 na roba da fanel, giram 200 ya rage. Ko da a ce mafi kyawun batir a duniya aka zuba masa, ba zai wuce 14,000 zuwa 17,000mAh ba, kuma wanda ya yi ƙarya a kwali da wuya a ce mafi kyawun batir ya sa. A nan sikeli ya gama aikinsa, ba ka buƙatar buɗe komai.

Misali na biyu shi ne mai wuyar. An rubuta 20,000mAh, sikeli ya nuna giram 370. Na gaske mai wannan ƙarfin yakan kai giram 350 zuwa 450, don haka wannan ya tsallake jarrabawar. Sai mai shi ya lura ko sau ɗaya ba ya cika masa waya, ya kai wa mai gyara. Da aka ɓalle murfin sai ga ƙwayoyi takwas a jere, duka sanye da shuɗiyar leda iri ɗaya, gwanin sha'awa. Amma in aka bi siririn ƙarfen da ke haɗa kawunansu da fanel, uku kaɗai ya taɓa. Sauran biyar an manne su da gam ne kawai, ko kuma an jona su don ado. Mai gyara ya ɗora musu mita, ba ko ɗigon wuta. Ya cire ɗaya ya kaɗa a kunne, ya ji abu yana motsi kamar gishiri a kwalba. Yashi ne. Gwangwanin da aka cika da yashi yakan yi wajen giram 30, biyar sun ba da giram 150, su ne suka cike giɓin da ya ruɗi sikeli. Ukun da ke aiki kuma babu sunan kamfani a jikinsu, in an auna kowace ba ta wuce 1,500mAh ba. Jimla 4,500mAh ke nan a inda aka yi alkawarin 20,000mAh.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ce an cuce su, su yi Allah ya isa, su ci gaba da amfani da abin tunda dai yana ɗan taɓukawa. A ganina wannan ci gaba da amfanin ya fi asarar kuɗin haɗari. Yashin kansa ba ya ƙonewa. Abin tsoron shi ne nauyin aikin da ya hau kan ƙwayoyi ukun nan. Idan fawa bank yana ba waya wutar 5V a kan 2A, daga batura yake jan sama da amfiya uku. In ƙwaya takwas ce ke raba wannan, kowace ba ta ɗauki ko rabin amfiya ba, ba za ta ji komai ba. In uku ne, kowace ta ɗauki sama da amfiya ɗaya. In ɗaya ce tal, kamar yadda ake samu a wasu, ita kaɗai za ta ɗauki duka. Su kuma ƙwayoyin da ake zubawa a irin wannan kaya galibi ko dai waɗanda masana'anta ta ƙi ne saboda sun faɗi gwaji, ko tsofaffi da aka ciro daga matattun batiran kwamfuta aka sake musu riga. Tsohuwar ƙwaya tana yin zafi fiye da sabuwa a kan aiki iri ɗaya. Ga kuma zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda ko a inuwa ake haura digiri 40, alhali masu yin batiran litiyam sukan kafa digiri 45 a matsayin iyakar zafin da ya kamata a yi caji a cikinsa.

A cikin kowace ƙwaya akwai dogayen faifai biyu da aka naɗe tare, tsakaninsu da wata siririyar leda wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ita kaɗai ce ke hana su haɗuwa. In zafi ya narkar da ita, ko caji ya wuce 4.2V har wasu ƙananan tsinaye suka tsiro suka huda ta, faifan sukan haɗu, zafi ya haifi wani zafin, cikin daƙiƙoƙi ƙwayar ta yi feshin wuta ta kunna ta kusa da ita. Ƙwaya ta gari tana da kariya a ƙarƙashin hularta: wani faifai da ke yanke wuta in iska ta taru a ciki, da ƙofar da ke sakin iskar kafin gwangwanin ya fashe. Fanel na gari kuma yana yanke caji a kan lokaci, yana da ɗan abin jin zafi da ake mannawa a jikin batura. Duk waɗannan kuɗi ne, kuma su ne farkon abin da mai jabu ke zubarwa, domin mai saye ba ya ganinsu daga waje.

Shi ya sa hoton ciki yake da daraja. Hoto ɗaya mai kyau yana amsa tambayoyin da kwali ba zai taɓa amsawa ba. Ƙwaya nawa ce a ciki, kuma nawa aka jona? In takwas ne irin 18650, ko da duka na gaske ne mafi ƙarfi, ba za su wuce 28,000mAh ba, don haka duk kwalin da ya ce 50,000mAh ya riga ya faɗi. Me aka rubuta a jikin kowace? Ƙwayar gaske tana ɗauke da lambar samfuri, misali INR18650-35E ta Samsung ko NCR18650GA ta Panasonic, kuma kowace lamba tana da takardar bayani daga kamfanin da ke faɗin ƙarfinta da nauyinta. Ana iya binciko lambar a waya a gwada. Abin lura ma shi ne manyan kamfanonin nan ba su cika buga ƙarfin batir da manyan haruffa a jikin ƙwaya ba, lambobi ne ƙanana marasa ado. Wadda ta sha zanen harshen wuta da rubutun zinare tana ihun ƙarfinta, ita ce abar zargi. Sannan a dubi kawunan ƙwayoyin: in akwai tabon tsohon walda a gefen sabon, ko ɗan tsatsa, ko launin rigunan ya bambanta, to kwashe-kwashe ne aka tara. Haɗa ƙwayoyin da shekarunsu da ƙarfinsu suka bambanta yana sa mai rauni ta riƙa shan wahalar da ta fi ƙarfinta.

Ko rubutun bayan kwanso, wanda ba sai an buɗe ba, yana da abin faɗa in an iya karanta shi. Faɗin mAh ba tare da faɗin V nawa wutar take ba kamar a ce maka hatsi mudu goma ne ba a gaya maka da wane mudu aka auna ba. Ma'aunin da ba ya canzawa shi ne Wh, kuma ana samunsa ne in an ninka mAh da 3.7, wato V ɗin ƙwayar litiyam, aka raba da dubu. Don haka 20,000mAh daidai yake da 74Wh, 10,000mAh kuma 37Wh. Masu jabu sukan sauya babbar lambar da ke gaba su manta da ƙaramar da ke baya, sai ka ga 30,000mAh a gaba, a baya kuma 37Wh. Ƙaramar ta fi kusa da gaskiya. Kamfanonin kirki kuma sukan ƙara wani layi mai suna "Rated capacity", wato abin da zai fito ta bakin USB a kan 5V bayan an cire asarar juya wuta. Ga mai 10,000mAh yakan kama wajen 6,000mAh. Wasu masu saye suna ganin wannan su ɗauka an rage musu, alhali kamfanin da ya rubuta shi ya fi wanda ya ɓoye gaskiya. Da wannan lissafin, 20,000mAh na gaske zai cika wayar da batirinta 5,000mAh ne kamar sau biyu da rabi zuwa uku, ba sau huɗu ba.

Tambarin CE, mai nuna cewa kaya sun cika ƙa'idojin Turai, da sauran alamomin da ake jerawa a ƙasa kuwa, kada a ɗora musu nauyi da yawa. Wanda ya iya buga sunan kamfanin da ba nasa ba, buga haruffa biyu ba zai gagare shi ba.

Ita caja labarinta ya ɗan bambanta, domin haɗarinta na farko jan wuta ne. A cikin ɗan kwanson nan wutar gida mai ƙarfin 230V ke shiga ta gefe ɗaya, 5V ta fita ta ɗaya gefen zuwa wayar da ke hannunka ko a kunnenka. Abin da ya raba su shi ne ɗan ƙaramin taransifoma mai rufi a tsakanin naɗinsa, da kuma fili da ake bari a kan fanel inda babu dalma ko layin tagulla. A caja ta gari wannan filin yakan kai milimita biyar zuwa shida, wani lokaci har a yanka rami a fanel ɗin don ƙara tsaro. A jabu an sha samun milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Caja irin wannan tana iya yin watanni tana aiki lafiya, har ranar da ƙurar hunturu ta taru a ciki ta haɗu da laimar damina, ko janareta ya yi tsalle, ko aka dawo da wuta da ƙarfi. Ranar sai 230V ta tsallaka ta bi igiyar caji. A watan Yulin 2013 wata ma'aikaciyar jirgin sama 'yar shekara 23 ta rasu a yankin Xinjiang na ƙasar Sin lokacin da ta ɗauki wayarta tana kan caji, aka danganta abin da cajar da ba ta kamfani ba. Wata guda bayan haka Apple ya buɗe shirin karɓar irin waɗannan cajojin yana sayar da tasa a kan dala 10. A 2016 kuma cibiyar gwaje-gwaje ta UL ta gwada jabun cajojin Apple guda 400, uku kacal suka tsallake gwajin rufin wuta.

Da can nauyi yana taimakawa a nan ma, tunda caja ta gaske cike take da kaya, jabu kuma fayau. Yanzu an toshe wannan ƙofar. Ƙungiyar Electrical Safety First ta Birtaniya ta buɗe wasu jabun cajoji masu 20W, ta tarar da guntayen ƙarfe da aka cusa a cikin mafi yawansu don su yi nauyin ta gaske. Wannan ya fi yashin fawa bank muni nesa ba kusa ba. Ƙarfe yana ɗaukar wuta, kuma an ajiye shi ne a daidai wurin da ya kamata a bar fili. In gam ɗin da ya riƙe shi ya saki saboda zafi, guntun zai iya kwantawa a tsakanin ɓangarorin biyu ya haɗa su. Wato abin da aka sa don ya gamsar da tafin hannunka shi ne zai iya kawo maka wutar. Hoton bayan fanel, inda layukan tagulla suke, da ruler a gefe, yana nuna wannan cikin daƙiƙa ɗaya ga wanda ya san abin da yake dubawa: ina filin yake, milimita nawa ne, akwai fiyus a mashigar wuta ko babu, akwai baƙon ƙarfe ko babu.

Ba ina cewa kowa ya ɗauki sukudireba ya fara ɓalle kayansa ba. Fawa bank mai batir mai faɗi, wanda rigarsa kamar ledar alminiyam take, tsinin wuƙa ɗaya ya ishe shi ya kama wuta. Caja kuma tana iya riƙe ragowar wuta bayan an zare ta daga soket, kuma in an fasa kwansonta ba ta komawa yadda take. Wannan aikin masu gyara ne, da kuma 'yan kasuwar da ke sarin kaya katan-katan. Dillalin da zai sayi guda ɗari biyar, asarar guda ɗaya da zai sa a buɗe a gabansa ba komai ba ce in aka kwatanta da abin da zai sani. Haka mai shagon cajin waya da ke jona cajoji hamsin a allo ɗaya cikin rumfar katako.

In za a ɗauki hoton kuwa, a ɗauke shi yadda zai zama hujja. Na farko, kayan yana kan sikeli, lambar nauyin da rubutun ƙarfin suna fitowa a hoto guda, don kada a ce wani ne aka auna. Na biyu, rubutun baya daf da daf, har a iya karanta lambar samfuri da lambar siriyal da Wh. Sannan cikin gaba ɗaya kafin a taɓa komai, yadda za a ga inda kowace waya ta nufa, sai rubutun jikin ƙwaya, sai fanel gaba da baya. Da irin wannan ne mai shago zai iya tunkarar wanda ya sara masa, shi ma ya tunkari wanda ya shigo da kayan, ko a kai ƙara hukumar kula da ingancin kaya ta SON ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC da abin nunawa a hannu. "Ba ya riƙe caji" magana ce da kowa zai iya musantawa, ya ce wayarka ce ke shan wuta. Hoton gwangwani biyar da ba a jona ba kuwa ba shi da amsa.

Sai dai hoton ma yana da inda ya tsaya. Riga leda ce, ana sayar da ita, ana buga mata kowace lamba, don haka akwai jabun ƙwayoyi masu sanye da rigar Samsung ko LG sak. A nan sai an koma ga sikeli a auna ƙwaya ɗaya ita kaɗai a gwada da takardar kamfani, sannan a yi gwajin ƙarshe: a cika fawa bank ɗin, a sa ɗan mitar USB a tsakaninsa da abin da yake caji, a bar shi har ya mutu, a karanta Wh nawa ya fitar. Na gari yakan ba da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na Wh ɗin da aka rubuta masa.

Akwai kuma lahanin da ba sikeli, ba hoto, ba mita da zai gano shi, domin yana cikin naɗin ƙwayar ne, kuma yana samun har kayan gaske. A watan Yunin 2025 kamfanin Anker ya janye fawa bank samfurin PowerCore 10000 mai lamba A1263 sama da miliyan ɗaya a Amurka saboda haɗarin gobara, kamfanin Romoss kuma ya janye kusan 490,000 a ƙasar Sin. Daga 28 ga wannan watan hukumar jiragen saman Sin ta hana shiga jiragen cikin gida da fawa bank marar tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta ƙasar, ko wanda rubutunsa ya goge, ko wanda ke cikin jerin da aka janye. Wannan ya biyo bayan gobarar da ta cinye jirgin Air Busan a filin Gimhae na Koriya ta Kudu a watan Janairun shekarar, wadda masu bincike suka fi zargin fawa bank ne ya tayar da ita. Waɗancan kamfanonin sun iya janye kayansu ne saboda kowane guda yana da lambar da ke nuna rukunin da ya fito, kuma abin da Anker ya nema daga masu neman canji shi ne hoton fawa bank ɗin da ke nuna lambar samfuri da ta siriyal. Jabu ba shi da wannan. Lambar da ke jikinsa ko dai babu ita, ko kuma guda ɗaya ce aka buga wa dubbai, don haka ko an gano rukunin yana da lahani babu hanyar sanar da wanda ya saya. Dillalin da ke son ya gane wannan tun a shago sai ya ciro guda uku daga katan ɗaya ya jera bayansu ya karanta: in lambar siriyal ɗinsu iri ɗaya ce, ya mayar da katan ɗin.